Daga zubin adashi zuwa tarewa: yadda na gina ciki biyu da falo a shekara takwas

Mai albashi ba ya iya gina gida a lokaci guda. Mataki-mataki yake yi, kuma kowane mataki sai ya dakata ya sake tara kuɗi. Abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi ne inda zai dakata. Akwai matsayar da gini zai shekara biyu ruwa na dukansa bai yi komai ba, akwai kuma wadda damina ɗaya ta isa ta cinye kuɗin da aka zuba. Da wannan na tsara shekaruna. Ban taɓa cewa bana zan tara naira kaza ba, sai dai in ce kafin ruwa ya sauko ina son gini ya kai wuri kaza, sannan in lissafa abin da zai kai shi can.

Ni malamin makaranta ne a Kano. A 2018 albashina bai cika dubu tamanin ba, ina kuma samun kusan dubu ashirin a wata daga darasin da nake yi wa yara da yamma. Muna haya a ciki da falo, dubu ɗari da ashirin a shekara. Da wannan na fara.

Kuɗin da ke cikin asusun da katinsa ke aljihuna ba ya zama, don haka na shiga adashi a wurin aiki: mutum goma sha biyu, zubin dubu ashirin da biyar, kwasa dubu ɗari uku. Dabara ɗaya na yi wadda ta rage mini kusan shekara guda. A zagayen 2018 na karɓi kwasar ƙarshe, ta Disamba, sannan na roƙi uwar adashi ta sa ni a farko-farkon zagayen 2019, na kwasa a Fabrairu. Cikin wata uku sai ga dubu ɗari shida a hannuna, rabi nawa ne, rabi kuma rancen abokan aiki ne marar ruwa da zan biya a hankali. Ba a yi wa sabon shiga wannan alfarma. Sai wanda aka ga ya cika shekara bai taɓa jinkirta zubi ba. Ka kuma sani cewa a lokacin da kaya ke tashi kullum, mai kwasar ƙarshe shi ke ɗaukar asara, domin dubu ɗari ukunsa ba ta sayen abin da ta mai kwasar farko ta saya.

Neman fili kuwa tun kuɗin bai taru ba na fara shi, a watan Agusta na 2018, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Dillalai sun fi son kai mutum ganin fili da rani, domin da rani kowane fili kyakkyawa ne. A Agusta ne za ka ga inda ruwa ke kwanciya, inda zaizaya ta fara cin hanya, da inda babur ba ya shiga. Akwai wani fili mai araha da aka nuna mini, shimfiɗaɗɗe tas, sai wani dattijo mai gona a gefe ya ce mini, "Ɗana, nan ai kududdufi ne, da shara aka cike shi." Irin wannan wuri harsashinsa kaɗai zai ci kuɗin wani filin. Tun daga nan duk inda na je sai na bar dillali a gaba, na tsaya na gaisa da mutanen da suka riga kowa zama a wurin.

A Maris na 2019 na sayi ƙafa hamsin da hamsin can bayan gari ta hanyar Madobi, awon igiya, a kan dubu ɗari biyar da tamanin. La'adar dillali kashi biyar cikin ɗari ce, ga na mai unguwa da na shaidu, duka dai ya tasam ma dubu ɗari shida da talatin. Cikon uwargida ce ta ranta mini daga kuɗin ɗinkinta.

Awon igiya gona ce da mai ita ya yanka ya fitar da lunguna da kansa, ba shimfiɗar gwamnati ba ce, shi ya sa take da sauƙi, shi ya sa kuma take buƙatar bincike. Gonar da aka yanko nawa ta gado ce, saboda haka na ƙi biya sai da duk magada suka sa hannu a takardar ciniki, har da matan cikinsu, domin rigimar fili da yawa daga 'yar'uwar da ba a shawarta ba take tasowa bayan shekaru. Na biya ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, ban ba dillali tsaba ba. An ja igiya a gabana da gaban maƙwabtan iyaka, aka kafa fegi huɗu, washegari na kawo birkila ya zuba musu kankare. Na auna faɗin lungun da kaina, domin lungun da tifa ba ta shiga zai sa ka biya kuɗin dako a kan kowane yashi da tsakuwa har ka gama gini. Na kuma je ofishin filaye na jiha, wanda ake kira KANGIS, na tambaya ko wurin ya faɗa cikin wata shimfiɗa ko hanya da gwamnati ta tsara. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma hatimin mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba takardar mallaka ba ce. Duk da haka kar ka raina shi, don idan an sayar wa mutum biyu fili ɗaya, gabansa ake fara zuwa.

Sauran watannin 2019 biyan adashi kawai na yi. Filin na ba wani maƙwabci ya shuka gyaɗa, ba don gyaɗar ba, sai don a riƙa ganin mutum a kansa.

Shekarar 2020 ba ta yi daɗi ba. Kullen korona ya tsayar da darasin yamma, na rage zubina a adashi zuwa dubu goma sha biyar. Na kuma mayar da kwasata watan Nuwamba daga nan har ƙarshe, domin lokacin ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta bushe ƙarau ba, ana iya aiki har Afrilu. Dubu ɗari da tamanin ba ta isa harsashi ba, rabin harsashi kuwa rami ne da zai cika da ruwa ya rufta. Sai na kashe ta a kan abin da ba ya lalacewa: safiyo ya auna ya fitar da taswira, mai zane ya zana mini ɗaki biyu da falo a jere a bayan filin, da kicin da banɗaki a gefe, na kuma shigar da neman izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Abin da ya rage na sayi raguna biyu ƙanana na kai gidan yayana a ƙauye.

A nan ne na koyi lissafin bulo, kuma duk mai niyyar gini ya kamata ya iya shi, don kar ya dogara da bakin magini kaɗai. Bulo ɗaya tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi ne. Idan ka haɗa tsawon duk bangon da ke cikin zanenka, ka raba da ɗaya da rabi, ka sami bulon sahu ɗaya. Nawa zanen, ɗakuna biyu masu ƙafa goma sha biyu da goma sha biyu, falo goma sha huɗu da goma sha biyu, da kicin da banɗaki, ya ba da bango kusan ƙafa 180, wato bulo 120 a kowane sahu. Harsashi sahu huɗu na mai inci tara, 480 ke nan. Daga nan zuwa linta, wato ɗamarar kankaren da ke saman ƙofofi da tagogi, sahu tara na mai inci shida, idan an cire gurbin ƙofofi da tagogi, kusan 950. Saman linta kuma wajen 300. Da wannan a takarda, ranar da wani magini ya ce mini in tanadi bulo dubu uku, murmushi kawai na yi na nemi wani.

A Nuwamban 2021 na kwashi dubu ɗari uku da sittin, na haɗa da kuɗin ragunan da aka sayar da Babbar Salla, na shiga harsashi. Buhun siminti lokacin yana tsakanin dubu uku da rabi zuwa dubu huɗu. Ban sayi bulon kasuwa ba, na kawo mai bugawa ya buga a filin ina tsaye. Dalili shi ne buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo talatin zuwa talatin da biyar na inci tara ba, ko arba'in da biyar zuwa hamsin na inci shida, amma wasu gidajen bulo suna miƙa shi fiye da haka sosai. Gane bulon da aka yi wa rowar siminti ba wuya: ka murza gefensa da babban yatsa, idan yashi ya zubo, ko ka ɗaga shi daidai ƙugu ka saki ya tarwatse, to ba na harsashi ba ne. Bayan an buga kuma sai an yi masa ban ruwa safe da yamma na mako guda, in ba haka ba iskar hunturu ta busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Unguwar ba famfo, 'yan garuwa ne suka kawo ruwan, kuma kuɗinsu ya fi abin da na zata. Ka sa ruwa a lissafinka kamar yadda kake sa yashi.

Kankaren ƙasan rami, da buga bulo, da ɗora sahu huɗu sun ci buhu hamsin. Na sa an tsaya sahu biyu a saman ƙasa, domin unguwar da ba ta cika ba hanyarta tashi take yi: kowa ya zo ya yi ciko a ƙofarsa, bayan shekara biyar sai ka ga gidan da aka gina daidai da ƙasa ya koma rami, ruwan lungu yana shiga falo. An cika ramukan bulon harsashin da kankare, sannan tifa ta kawo jar ƙasa aka cike ɗakunan. Na bar cikon haka nan da gangan. Maginina ya so a zuba daɓen kankare nan take, na ce a'a, a bar damina ta danne shi. Lokacin da ruwan 2022 ya ɗauke cikon ya sauka kusan tafin hannu, aka ƙara. Da an yi daɓe a kan sabon ciko, wannan saukar a ƙarƙashinsa za ta faru, ya tsage. Harsashin da aka cike matsaya ce mai kyau, ruwa amfani yake yi masa. Duka aikin ya ci kusan dubu ɗari huɗu da talatin.

Shekarar 2022 na sami ƙarin girma a wurin aiki, na mayar da zubi dubu arba'in. Tun kafin kwasa na fara sayen rodi ɗaya-ɗaya a Ƙofar Ruwa duk watan da na sami rara, ina ajiyewa a zauren wani maƙwabcin filin da muka saba. A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. Rodi da kwano da ƙofar ƙarfe suna ajiyuwa, ko shekara biyu ne, muddin ba a ƙasa suke cikin laima ba. Siminti ba ya ajiyuwa. Bayan wata biyu ko uku yana fara dunƙulewa, ƙarfinsa na raguwa, ko da a ɗaki yake. Wanda ya ga siminti zai tashi yana so ya riga farashi, to ya saya ya buga bulo da shi. Bulon da aka jera da kyau yana jiran mai shi. Wasu kan biya kuɗin siminti a shago su karɓi rasit, su ɗauka daga baya. Ni ban yi ba, saboda na ga yadda ake ƙarewa idan farashi ya ninka: mai shago ya ce sai dai ya mayar maka da kuɗinka.

Matsayar wannan shekara ita ce linta, kuma ba na yarda a tsaya ƙasa da ita. Bangon inci shida mai sahu bakwai ko takwas da ba a ɗaure kansa ba, iskar farkon damina tana iya kayar da shi, na ga hakan a fuloti na uku daga nawa. Linta ɗamara ce: kankare da rodi ne da ke zagaye ginin gaba ɗaya a saman ƙofofi da tagogi, ya haɗe bangon ya zama abu guda. Wasu don tsimi a kan ƙofa da taga kawai suke zubawa. Ni na sa an zagaye duka, rodi huɗu mai milimita goma sha biyu, na kuma sa an bar wayoyin ɗaure rufi a cikin kankaren tun yana ɗanye. Aikin ya kai mu Janairun 2023, daidai lokacin canjin takardun naira da tsabar kuɗi ta ɓace. Birkila yana karɓa ta waya, amma leburori da 'yan garuwa tsaba suke so kullum da yamma, don da ita za su yi cefane. Sai na riƙa tura wa mai shagon kayan masarufi na unguwar, su kuma su karɓi shinkafa da mai a wurinsa, ya ba su ɗan canjin da ya samu. Da haka aka kai linta. Siminti kusan buhu sittin, a kan dubu huɗu da 'yan kai, jimillar aikin ta haura dubu ɗari biyar.

Rufi shi ne matakin da ba ya rabuwa. Ba a kafa katako bana a sa kwano baɗi, rana da ruwa za su murɗe shi, gara ta gama da sauran. Dole kuɗin katako da kwano da ƙusa da kafinta su haɗu a lokaci guda. Ga shi a ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a Yuni kuma aka saki darajar naira, kuɗin dako da na duk abin da ake shigowa da shi suka tashi. Lissafin da na yi a farkon shekara na dubu ɗari huɗu da tamanin ya koma sama da dubu ɗari shida a Nuwamba. Abin da ya cece ni shi ne bandir biyu na kwano da na riga na saya kafin azumi, da wasu ragunan biyu. Bandir ɗaya fallen kwano ashirin ne, ginina ya ci biyar. Katako a 'Yan Katako na Na'ibawa na saya, na zaɓi busasshe, aka shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Kafinta ya ɗaure shi da wayoyin nan da aka bari a linta, aka kuma ɗora bulo aka zagaye bakin kwanon don kar iska ta sami wurin shiga ta ƙasa. Duk shekara a watan Mayu da Yuni ana ganin kwanon gidaje a kan titi, kuma yawanci rufin da aka kafa da ƙusa kawai ne.

Daga rufi zuwa tarewa mutane suna ɗauka an gama. Ba a gama ba, kusan rabi aka yi. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura dubu goma, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka yi maganar dubu bakwai zuwa takwas. Duk abin da ya rage mini kuwa siminti yake ci: daɓe, filasta, sokawe, katanga. Sai na zauna da uwargida muka raba aikin gida biyu, abin da ba a shiga gida sai da shi, da abin da za a iya yi ana ciki. Na farko: banɗaki da sokawe, daɓe, ƙofofi da tagogi masu ƙarfe, da katanga. Na biyu: filastar waje, silin, fenti, tayil, wayarin. Kwasar Nuwamban 2024, dubu ɗari shida, ta tafi a sokawe da daɓen ɗakuna, wanda shi kaɗai ya ci buhu ashirin da takwas. Ƙofofi da tagogi kuɗin adashin uwargida ne, kuma mun rubuta abin da ta zuba a takarda da shaidu biyu. Wasu abokaina sun yi mini dariya a kan wannan, amma ni na ga abin da ke faruwa a rabon gado idan mace ta ce da kuɗinta a cikin gini ba ta da shaida.

Katanga ce ta fi ba ni tsoro, domin zagayen ƙafa hamsin da hamsin ƙafa ɗari biyu ne, kuma bulonta zai kusa na gidan kansa. A nan jinkiri ya yi mini rana. Bayan ɗakuna ya tare gefe ɗaya, maƙwabta biyu kuma sun riga sun gina nasu a dama da hagu. Na je na same su, na ce, "Alhaji, ina neman alfarmar in jingina da katangarku." Ɗaya ya ce Allah ya sa albarka, ɗayan ya nemi in biya rabin kuɗin bulon gefensa, kuma gaskiyarsa ce, na biya. Gaba kawai na gina, da ƙofar gida.

Hayarmu tana ƙarewa ne a watan Afrilu, kuma mai gidan ya riga ya sanar cewa ta 2025 dubu ɗari biyu da hamsin ce. Wannan kuɗin da na tanada shi na juya ya zama filastar cikin ɗaki ɗaya da falo da banɗaki. Muka tare kafin ruwan farko, ɗaki na biyu bulo tsirara, ba silin, zafin kwano da rana sai mun fito tsakar gida. Wuta ƙaramar sola ce mai fitila uku da cajin waya, ruwa kuma daga rijiyar burtsatsen masallacin unguwa. Makaranta ta yi mini nisa, kuɗin man babur ya cinye kusan sulusin abin da na huta biya na haya, kuma wannan lissafi ne da ya kamata mai sayen fili a bayan gari ya yi tun ranar farko.

Idan na haɗa komai daga fegi zuwa tarewa, ya ɗan haura naira miliyan uku da rabi, amma wannan jimilla ba ta da amfani ga wanda zai fara yau, domin nairar 2019 da ta 2025 ba ɗaya ba ce. Abin da zai amfane shi adadin kaya ne: bulo kusan 1,750 ban da katanga, siminti wajen buhu ɗari biyu zuwa inda na tsaya, kwano bandir biyar. Ya kai waɗannan kasuwa ya ji farashin ranar, ya raba da abin da yake iya zubawa a wata, zai ga shekarunsa. Ya kuma ƙara shekara ɗaya a kai, saboda a cikin takwas ɗin nan nawa akwai wadda ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, kuma ba don wasa na yi ba.

Kwasar Nuwamban 2025 silin da filastar ɗaki na biyu ta yi. Ta gaba filastar waje ce, don bulon da ruwa ke duka kai tsaye yana fara cinyewa daga ƙasa, musamman bangon gabas. Bayanta sai neman takardar mallaka, wadda na riga na buɗe mata fayil.